Na sa ayodin a kan metil aka soke min amsa, ina kuskurena yake?

Nafisa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau aka dawo mana da takardun gwajin da muka yi, kuma akwai tambaya ɗaya da har yanzu take ci min rai. An ba mu (CH3)3C–O–CH3 aka ce mu rubuta abin da zai fito idan aka zuba masa HI. Na rubuta CH3I da (CH3)3COH, saboda tun farkon zango abin da muka haddace shi ne ayodin yana bin ƙaramin ɓangare, babban ɓangaren kuma ya tafi da oksijin ya zama alkohol. An soke min amsar gaba ɗaya, maki biyar. A wannan takardar kuma akwai CH3–O–CH(CH3)2, na bi ƙa'idar nan ɗin dai, aka ba ni maki cikakke. To ƙa'ida ɗaya ta yi aiki a tambaya ta uku ta ƙi aiki a ta huɗu? Don Allah wanda ya gane ya warware min, jarrabawa saura mako biyu.

Malam Bala:
Wa alaikumus salam. Nafisa, ni a ganina amsarki ba ta da laifi. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da kimistiri, kuma haka nake faɗa wa ɗalibaina: idan eta mai ɓangare biyu mabambanta ta haɗu da HI, ƙaramin ne ke ɗaukar ayodin. Dalili a fili yake, ayodayid ƙaton abu ne, ba zai kutsa inda aka cunkushe ba. Ina metil mai haidurojin uku kawai, ina kabon da metil uku suka kewaye? Ki koma wurin wanda ya yi makin cikin ladabi ki nemi ya sake dubawa.

Auwal:
Ai wannan haidirolisis ne kawai. Asid ya shiga, ruwa ya shiga, a samu alkohol da asid na kaboksil. Mun yi irinsa da NaOH a lab da muka haɗa sabulu.

Nafisa:
Auwal wancan esta ne kake faɗa. Wannan eta ce, babu C=O a jikinta ko ɗaya.

Auwal:
Haka ne, na yi saurin karantawa. Afuwan. Amma bari in zauna in ji, don ni ma wannan babin bai zauna min ba.

Dakta Rabi:
Nafisa, kada ki je neman a sake dubawa, wanda ya yi makin yana da gaskiya. Malam Bala, dalilin da kuka kawo na cunkoso daidai ne ƙwarai, sai dai yana aiki ne a hanya ɗaya cikin hanyoyi biyu da eta ke bi ta tsinke.

Mu faro daga abin da ba ya canzawa. Eta haka kawai ba ta tsinkewa, shi ya sa muke dafa abubuwa a cikinta a lab ba tare da ta shiga rigimar ba. Idan ayodayid ya zo ya ce zai ture RO⁻ daga jikin kabon, ba zai yiwu ba, domin RO⁻ ba ya son fita shi kaɗai da cajinsa. Aikin farko na asid shi ne ya ɗora wa oksijin furoton. Da zarar an yi haka, abin da zai fita ya zama ROH, alkohol cikakke marar caji, kuma shi wannan yana fita cikin sauƙi. Har zuwa nan duk etoci ɗaya suke.

Daga nan ne hanya ke rabuwa. Oksijin ɗin nan mai furoton yana riƙe da kabon biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kuma dole ɗayan igiyoyin nan biyu ta tsinke. Ki dubi kowane kabon ki tambayi kanki: wannan idan oksijin ya sake shi ya tafi da elektaron ɗin duka, zai iya tsayawa da cajin nan na ɗan lokaci? Idan babu wanda zai iya, to igiya ba za ta tsinke da kanta ba, sai ayodayid ya zo ta baya ya tura. Wannan shi ne SN2, kuma a nan ne maganar Malam Bala take da ƙarfi, mai turawa zai nemi ƙofar da ba a tare ba. Shi ya sa a tambayarki ta uku aka samu CH3I da (CH3)2CHOH.

A tambaya ta huɗu kuwa akwai kabon da zai iya tsayawa. Metil ukun nan da kike gani a matsayin shinge, su ne kuma suke tallafa wa kabon na tsakiya da elektaron idan ya zama (CH3)3C⁺. Saboda haka igiyarsa ba ta jiran kowa. CH3OH ya fice, kabokatayon ya samu, sannan ayodayid ya zo ya tarar da kabon a shimfiɗe, buɗe ta sama da ta ƙasa. Cunkoson da ake tsoro ya riga ya watse kafin ayodayid ya iso. Amsar ita ce (CH3)3CI da CH3OH, ta hanyar SN1.

Malam Bala:
Na gode Dakta, na karɓi gyara a kan tashiyare, wato kabon da wasu kabon uku suka kewaye. Amma ina da ja a wuri ɗaya. Mu ɗauka Nafisa ce ke da gaskiya, an fara samun CH3I da (CH3)3COH. Ai shi wannan alkohol ɗin ba zai daɗe a cikin HI ba, nan take zai koma (CH3)3CI. Kuma idan hanyarku aka bi, CH3OH ɗin ma idan asid ya yi yawa aka ci gaba da dafawa CH3I zai zama. Kenan a ƙarshe duk hanyar da aka bi ayodayid biyu za a tarar a filas. To ta yaya aka san wace igiya ce ta fara tsinkewa? Ba zato ba ne kawai aka mai da shi ƙa'ida?

Dakta Rabi:
Wannan tambaya ta fi ta cikin takardar nauyi, kuma kun yi gaskiya: idan aka cika asid aka dafa sosai, abin da ya rage a filas ba zai ba da labarin yadda aka faro ba. Shi ya sa tambaya mai kyau take faɗin cewa mol ɗaya ne na HI, ko kuma ta ce ya yi yawa kuma da zafi. Nafisa ki duba takardarki, na tabbata an rubuta ɗaya daga ciki.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce yanayin da kowace eta ke buƙata kafin ta tsinke. Eta mai metil da firamare sai an kawo HI mai kashi 57 cikin ɗari, wanda ke tafasa a wajen digiri 127, ko HBr mai kashi 48, a dafa a ƙarƙashin kwandensa. HCl ma da ƙyar yake taɓa ta, domin kulorayid a cikin ruwa ba shi da ƙarfin turawa kamar ayodayid. Wannan ya nuna cewa mai turawar yana da hannu a matakin da ke ja da baya. Eta mai tashiyare butil kuwa, CF3COOH kawai za a zuba mata a zafin ɗaki, ko ma a kan ƙanƙara, ta tsinke. A cikin wannan asid ɗin babu wani nukiliyofil, wato mai turawa, na kirki da zai tura komai. Idan igiya ta tsinke alhali babu mai turawa, ai da kanta ta tsinke, kuma metil ba zai iya yin haka ba domin CH3⁺ ba abin da zai samu ba ne a wannan yanayi.

Nafisa:
Na duba Malama, an rubuta mol ɗaya. Ban ma lura da shi ba a lokacin. Kuma yanzu na tuna, (CH3)3C–O–CH3 ɗin nan shi ne MTBE da ake sa wa fetur ko?

Shamsu:
Shi ne. Kuma abin da Dakta ta faɗa a kan CF3COOH shi nake yi kusan kowane mako, don aikina na digiri na uku a kan haɗa feftayid ne. Muna rufe OH na sirin da tairosin da tashiyare butil don kada su shiga abin da bai shafe su ba yayin da muke jera amino asid. A ƙarshe mu buɗe su duka da TFA, wato CF3COOH ɗin nan, kashi 95, ruwa 2.5, da wani sailen da muke kira TIS shi ma 2.5, kamar awa biyu a zafin ɗaki.

Abin da nake so ku ji shi ne dalilin wancan kashi biyar ɗin. A farkon zuwana na taɓa buɗe wani feftayid mai tiriftofan da TFA zalla, saboda kwalbar TIS ta ƙare kuma ina sauri. Da na kai shi na'urar auna nauyi, ga ƙololuwar abin da nake nema, ga kuma wata a gefenta da ta ɗara ta da 56. Wannan 56 ɗin C4H8 ne. Kabokatayon ɗin da ya fita daga kan oksijin bai sami mai kama shi ba, sai ya je ya manne a zoben tiriftofan. Aikin kwana tara ya lalace. Tun daga ranar ban ƙara ɗaukar (CH3)3C⁺ a matsayin zanen allo ba, na ga ɓarnarsa da idona. Ruwa da TIS aikinsu su cafke shi kafin ya taɓa kayana.

Auwal:
To idan babu ayodayid kuma babu abin da zai manne wa, ina yake zuwa? Ai ba zai zauna da caji har abada ba. Kuma wannan ya kawo ni ga abin da nake ta son tambaya: me ya sa kullum HI da HBr? H2SO4 ai ya fi su samuwa, kowane lab na sakandare akwai shi.

Shamsu:
Yana zubar da furoton ɗaya daga metil na gefe ya zama (CH3)2C=CH2, aisobutin. Gas ne, yana tafasa a wajen digiri 7 ƙasa da sifili, don haka ficewa yake yi daga filas. Wannan ita ce E1. Idan ka bi da gas ɗin ta cikin ruwan buromin za ka ga launin ya ɓace. A masana'antu ma haka ake fasa MTBE a kan asid don a sami aisobutin mai tsafta da metanol.

Dakta Rabi:
Auwal, H2SO4 yana yin rabin aikin. Yana ɗora furoton a kan oksijin sarai, shi ya sa eta ta etil take narkewa a cikinsa idan mai kauri ne kuma da sanyi. Amma HSO4⁻ da ya bari a baya ba mai turawa ba ne, cajinsa ya bazu a kan oksijin da yawa. Ga eta mai tashiyare wannan ba matsala ba ce tunda ba ta buƙatar turi. Ga mai firamare biyu kuwa an jiƙa igiya ne babu mai ja. Idan ka ƙara wuta don ka tilasta, sai ka shiga yankin fitar alkin da baƙin dabbare a gindin filas. HI ya haɗa abu biyun a kwalba ɗaya, asid mai ƙarfi da mai turi mai ƙarfi. Tun 1861 Butlerov ya ga wannan, lokacin da ya dafa eta ta etil ta asid ɗin laktik da HI ya sami CH3CH2I da asid ɗin laktik. Ku lura ko a can ayodin ɓangaren firamare ya bi, ya bar sakandare da oksijinsa.

Hadiza:
Malama ina da tawa. Anisol, C6H5–O–CH3. A littafina an ce fenol da CH3I ake samu ko da an cika HI. Ni kuma na ga zoben benzin yana da rezonans sosai, kuma an ce rezonans yana tallafa wa kabokatayon. Me ya hana C6H5⁺ ya samu a bi SN1 a sami C6H5I?

Malam Bala:
Wannan kam zan iya. Kina haɗa fenil da benzil ne. A benzil, C6H5CH2⁺, cajin yana kan kabon na wajen zobe, kuma zoben yana iya miƙo masa elektaron. A fenil cajin yana kan kabon na zoben kansa, kuma gurbin da ya zama fanko yana kwance ne a gefe, a shimfiɗar zoben, alhali gajimaren elektaron yana sama da ƙasa. Ba su fuskanci juna ba, don haka babu tallafi. Ta baya kuma ba a shiga, domin bayan wannan kabon tsakiyar zoben ne.

Dakta Rabi:
Ban da abin ƙarawa a kan wannan, Malam. Sai dai in ce wannan dalilin ne ya sa fenol ɗin yake tsayawa a fenol komai yawan asid, saɓanin alkohol na yau da kullum. Kuma idan zobe ne ta kowane gefe, C6H5–O–C6H5, HI ba ya yi mata komai, ƙofa biyun duk a rufe suke.

Baba Idi:
Ku bar tsoho ya sa baki. Shekara talatin na yi ina kula da lab kafin in yi ritaya, kuma wannan anisol ɗin da kuke yi a takarda na sha dafa irinsa. Akwai hanyar da Zeisel ya fito da ita a 1885 don ƙirga OCH3 nawa ne a jikin abu, kuma gaba ɗayanta a kan maganar nan ta tsaya, cewa metil ne zai ɗauki ayodin. Za ka auna abinka, ka dafa shi da HI, CH3I ya tashi tunda a digiri 42 yake tafasa, ka kora shi da iskar CO2 zuwa cikin AgNO3 da aka narkar a alkohol. Sai AgI ya kwanta, rawaya-rawaya, ka tace ka busar ka auna.

Ga lissafi ku gwada. Banilin nauyinsa 152, OCH3 ɗaya gare shi. Idan ka ɗauki giram 0.152, milimol ɗaya kenan, zai ba ka milimol ɗaya na CH3I, shi kuma ya ba ka milimol ɗaya na AgI. Nauyin AgI kusan 235 ne, don haka giram 0.235 kake jira a kan takardar tacewa. Idan wani abu mai milimol ɗaya ya ba ka 0.470, to OCH3 biyu ne a jikinsa.

Inda yara ke faɗuwa wuri biyu ne. Na farko kwalbar HI. Sabuwa kusan ba ta da launi, amma iska da haske suna mai da ita ruwan ƙasa saboda I2 da ke taruwa, kuma ƙarfinta na raguwa. Na biyu mahaɗar gilasai. CH3I ba ya jira, ƙaramar kafa ta ishe shi, sai ka ga AgI ya fito ƙasa da lissafi ka ɗauka abinka ne ba shi da tsafta. Kuma guba ne na gaske, yadda yake manna metil a kan wasu abubuwa haka yake yi a jikin mutum. Ba a yin wannan aiki sai a cikin akwatin zuƙe hayaƙi. Idan akwatin ba ya ja, ko an ɗauke wuta, a rufe kwalba a haƙura.

Hadiza:
Allah ya ƙara lafiya Baba. To idan fenol ɗin nake so ba metil ɗin ba, ta yaya zan san ya fito?

Baba Idi:
Amin 'yata. Ki ɗibi kaɗan bayan kin wanke asid ɗin, ki ɗiga FeCl3. Fenol zai ba ki shuɗi mai ja-ja, anisol ba zai canza ba. Wajen rabawa kuma NaOH ne abokinki, fenol zai bi shi cikin ruwa, anisol da bai tsinke ba ya tsaya a ɗaya sashen.

Shamsu:
A NMR kuma layin nan guda na OCH3 da ke wajen 3.8 shi za ki sa wa ido, idan ya ɓace an gama. Gaskiya mu yanzu idan abin yana da laushi ba ma dafa shi da HI, BBr3 muke sa wa a cikin CH2Cl2 da sanyi sosai. Boron ɗin ne ke kama oksijin a madadin furoton, buromayid kuma ya je wa metil. Tunanin dai bai canza ba.

Nafisa:
Bari in gwada ko na gane. CH3CH2CH(OCH3)CH3, wanda kabon na biyu yake (R), da mol ɗaya na HI. Babu tashiyare babu benzil, don haka SN2. Ayodayid zai je wa metil. Tunda SN2 tana juya tsari, alkohol ɗin zai fito (S) kenan?

Dakta Rabi:
Kin yi daidai har zuwa jimlar ƙarshe. Wane kabon aka kai wa hari? Metil. To shi ne ya juya, kuma juyawarsa ba ta ganuwa tunda haidurojin ukunsa iri ɗaya ne. Kabon na biyu babu wanda ya taɓa igiyarsa da oksijin, oksijin ɗin da yake riƙe da shi tun farko shi ne dai a hannunsa. Alkohol ɗin (R) zai fito. Wannan ma wata hanya ce ta amsa tambayar Malam Bala ta ɗazu: da ta ɓangaren sakandare aka tsinke ta hanyar kabokatayon, da an sami (R) da (S) a gauraye, kuma a jikin ayodayid za a gan su.

Malam Bala:
Saura abu ɗaya da bai kwanta min ba. Na taɓa gani a wani littafin shirin jarrabawa cewa idan HI busasshe ne, babu ruwa, a cikin abin narkarwa marar caji, MTBE ɗin nan CH3I da (CH3)3COH yake bayarwa. Wato amsar Nafisa. Kuma idan aka yi tunani akwai ma'ana, kabokatayon yana buƙatar ruwa ko makamancinsa ya kewaye shi kafin ya samu.

Dakta Rabi:
Tushen tunanin daidai ne, abin narkarwa yana da tasiri a kan SN1 ƙwarai. Amma ku lura a nan abin da ke tsinkewa ya riga ya ɗauki caji tun daga furoton, ba sabon caji ake haifarwa daga abu marar caji ba, don haka rashin ruwan ba ya danne wannan hanya kamar yadda yake danne ta a (CH3)3CCl. Shamsu ma yana iya buɗe etocinsa da TFA a cikin CH2Cl2. Ni ba zan koyar da wancan a matsayin ƙa'ida ba.

Malam Bala:
Ni kuma ban shirya jefar da shi ba tukuna. A TFA babu ayodayid da zai yi gasa, a busasshen HI kuwa akwai, kuma ayodayid da ruwa bai kewaye ba ya fi kaifi. Zan nemo littafin in ɗauko hoton shafin.

Shamsu:
Malam yana da magana a nan, gasa ce tsakanin hanyoyi biyu kuma duka biyun yanayi na taɓa su. Ni inda na fi ganin rashin tabbas ma shi ne benzil. C6H5CH2–O–CH3 da HBr kowa ya yarda C6H5CH2Br ke fitowa, amma kabon ɗin benzil yana da sauri a SN1 kuma yana da sauri a SN2, don haka ganin abin da ya fito kaɗai ba zai gaya maka wace aka bi ba.

Nafisa:
Malama, idan benzil ɗin ya fito a jarrabawa wace zan zana?

Dakta Rabi:
Ki zana furoton a kan oksijin, ki fitar da CH3OH, ki nuna cajin yana zagaya zoben, sannan buromayid ya shigo. A asid mai ƙarfi da ruwa wannan ake tsammani daga gare ki. Kafin ki kwanta ki yi min THF, etar nan mai zoben kabon huɗu da oksijin ɗaya, da HBr mai yawa da zafi, ki turo nan. Ki tuna kabon biyun da ke riƙe da oksijin a sarƙa ɗaya suke.

Nafisa:
Na gwada. Buromayid ya buɗe zoben ta SN2 an sami Br(CH2)4OH, sai OH ɗin ya karɓi furoton shi ma ya fita a matsayin ruwa, aka ƙare da Br(CH2)4Br. Mol biyu na HBr ya ci. Haka ne?

Dakta Rabi:
Haka ne.